Yadda malamin kimiyya zai rubuta wa iyaye wasiƙa kan koyo da zane

Malamai da dama sun sha tambayar yadda ake tsara wasiƙar da za ta fahimtar da iyaye dalilin da ya sa littafin kimiyyar yaransu ya cika da zane. Tambayar tana da tushe. Uba ya buɗe littafin ɗansa ya ga hanji da tumbi da kibiyoyi a maimakon rubutu, sai ya ɗauka wasa ake yi a aji. Wani kuma ya ji an ce a sayo rula da fensir, ya zaci wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi ce. Wasiƙar da ta yi aikinta ita ce wadda ta gaya wa mahaifi abin da zai gani a littafin yaronsa, abin da zai saya, da abin da zai iya yi a gida cikin minti biyar ko da bai yi boko ba. Misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe shi ne aji ɗaya na ƙaramar sakandare mai ɗalibai 60, a zangon karatu guda.

1. Ka tsayar da zanen da za a yi kafin ka ɗauki biro

Ka buɗe manhajar zangon ka ware darussan da sai da zane ake gane su. Uku sun isa a ambata, ko da za a yi fiye da haka. A misalinmu an ɗauki hanyar da abinci ke bi a jikin mutum, da zagayen ruwa tsakanin ƙasa da sama, da haɗin wutar batir da kwan tocila.

Akwai dalilin zaɓen waɗannan ukun, domin kowanne aikinsa daban. Na hanyar abinci yana nuna sassa da wurin da kowanne yake. Na zagayen ruwa yana nuna abin da ke biyo bayan wani, shi ya sa kibiyoyi ne jigonsa. Na batir kuwa bai ma yi kama da abin da yake wakilta ba, alamomi ne kawai: layi biyu a tsaye, dogo da gajere, su ne batir, da'ira mai gicciye a ciki ita ce kwan fitila. Wannan na ukun shi ya fi rikita iyaye, don za su duba su ce ba su ga batir ba, ba su ga kwai ba. In ka san haka tun yanzu, za ka tanadar masa jimla ɗaya a wasiƙar.

Gargaɗi: kada ka rubuta cewa "za mu riƙa amfani da zane a duk darussan kimiyya". Magana ce da ba ta nuna wa mahaifi komai, kuma alkawari ne da ba za ka cika ba. Ka faɗi sunan zanen da makon da za a yi shi.

2. Ka kai wa shugaban makaranta daftarin

Duk takardar da za ta fita daga makaranta zuwa gidaje da sunan makarantar take fita, musamman in akwai maganar sayen kaya a ciki. Ka nuna wa shugaban makaranta daftarin, ka nemi sa hannunsa da hatimi a kan asalin takardar kafin a buga. In makarantar tana da ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin gudanar da makaranta mai aiki, a bai wa shugabansa kwafi tun kafin a raba, saboda shi iyaye za su tare a masallaci ko a kasuwa su tambaya.

Gargaɗi: a makarantar gwamnati kada ka sa a kawo maka kuɗi hannu da hannu, ko da niyyar sayo wa yara kaya a sari ne. Ka faɗi kayan, kowa ya saya da kansa. Karɓar kuɗi ba da izini ba kan jawo wa malami tuhuma, kuma da zarar iyaye sun ga adadin naira a takarda, sauran bayanin ya bi ruwa.

3. Ka rage kayan aiki zuwa abin da ba makawa sai da shi

Abu huɗu ne: fensir, abin gogewa, rula, da littafi. Fensir ya zama mai alamar HB a jikinsa. Mai alamar 2B ya fi laushi da baƙi, yana damewa in hannu ya goga, mai alamar H kuma yana da tauri, layinsa ba ya fita sosai kuma yana huda takarda mara kauri. Rula mai santimita 30 ta fi, amma 'yar gajera mai santimita 15 da ke cikin akwatin kayan lissafi ta wadatar. Littafi kuma ba sai an sayi na zane na musamman ba. Littafin rubutu na yau da kullum mai ganye 40 zai ɗauki zangon, muddin an ware shi ga kimiyya kaɗai.

Fensir mai launi bai shiga jerin ba, kuma da gangan ne. Zanen kimiyya layi ne siriri mai tsabta, ba a shafa masa inuwa ko kala. Haka ake buƙata a jarrabawar aiki ta ilimin halittu a WAEC da NECO, inda ake duba taken zane, da tsabtar layi, da layin suna da aka ja da rula. Gara yaro ya saba tun yanzu. In ka sa kala a jerin, yaran masu hali za su zo da kwali guda na launuka su ɓata rabin darasi suna ado, marasa hali kuma su ji an bar su a baya.

Kafin ka rubuta, ka leƙa shagon da ke kusa da makaranta ka tambayi farashin kayan huɗu. Amfanin sanin shi ne in mahaifi ya tambaye ka, ka ba shi amsa kai tsaye. Kada ka sa farashin a wasiƙa, don kaya kan tashi kafin mako ya zagayo, sai a ce malam ya faɗi abin da ba haka ba.

Gargaɗi: ka rubuta ƙarara cewa kada a ba yaro reza don fiƙe fensir. A ajin mutum 60 reza tana yawo daga hannu zuwa hannu, ga yankan yatsa, ga haɗarin ɗaukar cuta ta jini. Abin fiƙe fensir na roba guda huɗu ko biyar a teburin malami ya ishi ajin.

4. Ka jera bayanin yadda mahaifi zai so ya ji shi

Malamai kan fara da dogon bayani kan amfanin zane a ilimi, sai a ƙarshe su ambaci abin da ake so iyaye su yi. Mai karatu bai kai can ba ya ajiye takardar. Bayan gaisuwa, jimlar farko ta faɗi abin da zai canja a littafin yaro. Daga nan dalili a jimla biyu ko uku, sai zanen da za a yi da lokacinsu, sai kayan aiki, sai aikin gida, sai yadda za a ba da maki, sai yadda za a same ka.

Wurin dalili shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Kada ka ce zane "yana bunƙasa tunani". Ka kawo abin da mahaifi zai iya gwadawa da kansa: yaro na iya haddace cewa abinci yana bi ta ƙaramin hanji kafin babba, amma in aka ce ya nuna inda hanta take sai ya sa ta a kan hanyar abincin, alhali abinci ba ya ratsa ta. A rubutu ba za a kama wannan kuskure ba, a zane kuwa nan take yake fitowa. Wannan misali ɗaya ya fi sakin layi uku na yabon zane.

Maganar maki ma tana buƙatar fili. Iyaye da yawa, da yaran kansu, sun ɗauka wanda ya iya zana kyakkyawan hoto shi zai ci. Ka faɗi yadda za ka raba maki goma, misali: ɗaya ga take, huɗu ga sa kowane sashe a gurbinsa, uku ga sunaye daidai, biyu ga tsabtar layi. Ko ɗaya babu na kyau. Yaron da hannunsa ke rawa zai ji hankalinsa ya kwanta, mahaifinsa ma haka.

Sai batun harshe. Sunayen da ke jikin zanen da Turanci yaro zai rubuta su, domin da shi ake rubuta jarrabawa. Ka faɗi haka a wasiƙar, ka kuma ƙara cewa bayanin da zai yi a gida da Hausa ne. In ba ka faɗa ba, mahaifin da ba ya jin Turanci zai ga sunayen ya ce wannan ba nasa ba ne, ya rufe littafin.

Gargaɗi: duka wasiƙar kada ta wuce fuska ɗaya ta takardar A4, wato kalma 250 zuwa 300. In ta ƙi shiga, dalilin za ka rage, kada ka ƙanƙanta rubutun.

5. Ka amsa tambayar zanen mai rai tun ba a yi ta ba

A garuruwanmu akwai iyayen da ke da damuwa ta addini game da zana abu mai rai, akwai kuma waɗanda kalmar "jikin mutum" kaɗai ke tayar musu da hankali. Yin shiru a kan wannan ba ya kawar da shi. Sai dai ka ga yaro ya zo da shafi fari yana cewa an hana shi a gida.

Aikin malamin kimiyya a nan shi ne ya faɗi ainihin abin da za a zana. Ba shi zai ba da fatawa ba. Zanen hanyar abinci bututu ne da jaka da hanji, ana iya yin sa babu fuska, babu ido, babu ma siffar mutum a kewaye. Ka rubuta haka a jimla ɗaya. Yana da kyau ka nuna wa malamin addinin makarantar zanen tun da wuri, don in mahaifi ya je wurinsa ya tarar ya riga ya gani.

In akwai darasin balaga ko na haihuwa a zangon, kada ka cusa shi cikin wannan wasiƙa, kada kuma ka ɓoye shi a ƙarƙashin "da sauransu". Wannan yana buƙatar takardarsa daban da shawarar shugaban makaranta. Haɗa su zai sa duk maganar ta koma kansa, a manta da rula da fensir.

6. Ka sa zane ɗaya a bayan takardar

Wasiƙa kan zane da babu zane a cikinta ta bar rabin aikinta. A bayan takardar ka sa zanen hanyar abinci, mai girman kusan rabin shafi, da sassa bakwai: baki, maƙoshi, tumbi, ƙaramin hanji, babban hanji, dubura, da hanta a gefe. Kowane sashe ka ja masa layi da rula zuwa gefen takarda, layukan kada su giciye juna, bakin kowane layi ya taɓa sashen da ake nufi. A wannan kwafi na iyaye kawai, ka rubuta sunan Hausa kusa da na Turanci.

An zaɓi wannan zane ne saboda duk gidan da aka taɓa gyara kayan cikin rago an san tumbi da hanji da hanta. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya kama ɗanta in ya sa hanta a wurin tumbi. Amma ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin zanen: cikin rago da na saniya ɗaki huɗu ne saboda suna tuƙa, na mutum ɗaki ɗaya ne. In ba ka faɗa ba, wani mahaifin zai gyara wa yaro zanen da abin da ya sani na dabba, yaron ya dawo da kuskure yana ganin daidai ne.

Gargaɗi: kada ka kai zanen fensir wurin fotokwafi. Layin fensir kan fito dishi-dishi ko ya ɓace gaba ɗaya. Ka zana da fensir, ka bi kansa da baƙin biro, ka bari ya bushe, sannan ka goge fensirin. Kada kuma ka ɗauki hoton shafin littafi mai launi ka buga, domin a baƙi da fari hanta da tumbi kan haɗe su zama dunƙule ɗaya.

7. Ga yadda wasiƙar za ta kasance

Zuwa ga iyayen ɗaliban aji ɗaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa a wannan zango za ku riƙa ganin zane da yawa a littafin kimiyyar yaranku. Wannan karatu ne, kuma ana ba shi maki. Yaro kan haddace sunayen sassa bai san inda suke ba. In ya zana, muna ganin abin da ya gane da abin da ya kuɓuce masa.

A mako na uku za mu zana hanyar da abinci ke bi a jiki, kamar yadda yake a bayan wannan takarda. Sassan ciki ne kawai, babu fuska ko siffar mutum. A mako na shida za mu zana yadda ruwa ke tashi sama ya dawo ƙasa. A mako na tara za mu zana haɗin batir da kwan tocila. Wannan na ƙarshe alamomi ne, ba zai yi kama da batir ba, kuma haka ya kamata ya kasance.

Muna roƙon kowane ɗalibi ya zo da fensir mai alamar HB, da abin gogewa, da rula, da littafi ɗaya na kimiyya kaɗai, kafin ranar Litinin ta mako na uku. Ba a buƙatar kala, ba a kuma biyan ko kwabo a makaranta. Don Allah kada a ba yaro reza. Wanda bai samu kayan ba ya zo aji, za mu ara masa.

Taimakon da muke nema a gida shi ne, sau ɗaya a mako, a ce wa yaro ya buɗe zanensa ya ɗora yatsa ya yi bayani da Hausa daga farko zuwa ƙarshe. A tambaye shi, "Daga nan sai ina?" In ya tsaya, kada a yi masa faɗa, a sa ɗan alama a wurin, za mu gani. Sunayen sassa da Turanci zai rubuta su, don da shi ake jarrabawa. Kada yayyensa su zana masa. Darasin batir kuma da batirin tocila kaɗai ake yin sa, kada yaro ya gwada da wutar gida.

Maki goma ne: ɗaya ga take, huɗu ga gurbin sassa, uku ga sunaye, biyu ga tsabtar layi, babu na kyau. Ana samuna a makaranta ranar Talata da Alhamis bayan an tashi. Allah ya yi wa yaranmu albarka.

Malamin kimiyya na aji ɗaya

In a ajin akwai iyayen da ba Musulmi ba, a buɗe da "Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya". A ƙasan takardar a bar ɗan yanki da za a yage a dawo da shi, mai wurin sunan ɗalibi da sa hannun mahaifi ko dangwalen yatsa.

Jimlar wutar gida kada a cire ta don neman wuri. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, ba ya cutar da mai taɓa shi, wutar soket kuwa ta haura bolt 200, tana kisa. Yaron da ya ga kwai ya kama a aji zai so ya maimaita a gida, kuma abin da zai fara gani a bango shi ne soket. Jimlar aron kaya ita ma alkawari ce, don haka kafin ka rubuta ta ka tabbata akwai rula da fensir kamar goma a ajiye a aji.

8. Bugawa da lissafin kuɗi

Ɗalibai 60, sai ƙarin kwafi goma na waɗanda za su ɓace ko su jiƙe, da na ofis da na shugaban iyaye, ya zama 70. Kowace takarda fuska biyu ce, wato bugu 140. A ce ana yin fuska ɗaya a kan naira 50, kuɗin ya kama naira 7,000. Ka sa farashin garinku a wurin hamsin ɗin ka sake lissafi, ka kuma nemi ragi tunda shafi ɗaya ne ake maimaitawa. In kuɗin ya yi yawa, ka bar zanen, ka buga fuskar wasiƙar kaɗai, yara su kwafi zanen a bayanta daga allo. Kuɗin ya ragu da rabi, kuma mahaifi zai ga aikin hannun ɗansa. Sai dai dole ka duba kowanne kafin ya fita, don kada kuskure ya isa gida da hatimin makaranta a jikinsa.

Gargaɗi: ka buga kwafi ɗaya tukuna ka duba. Haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kan koma akwati ko alamar tambaya in kwamfutar shagon ba ta da rubutun da ke ɗauke da su. Ka mayar da takardar PDF kafin ka kai, ko ka rubuta da hannu da baƙin biro in rubutunka yana karantuwa.

9. Rabawa, da gidajen da ba a karanta boko

Ka raba ranar Litinin ko Talata, mako biyu kafin zanen farko, don a samu lokacin saye. Takardar da aka raba ranar Juma'a takan kwana biyu a jaka, ta fito a yamutse ko a manta da ita. Kafin yara su tafi, ka karanta wasiƙar da ƙarfi a aji, ka sa biyu ko uku su maimaita, domin a gidaje da yawa su ne za su karanta wa iyayensu. Su ninke ta su sa a cikin littafin kimiyya.

In akwai zauren iyaye a WhatsApp, ka tura hoton zanen da saƙon murya na minti ɗaya da rabi, kana karanta wasiƙar kamar yadda take. A unguwar da manya suka fi sabawa da ajami, ka nemi wanda ya iya ya rubuta jerin kayan da gargaɗin reza da na wuta da ajami a ƙasan takardar kafin a buga. Saƙon waya ba ya maye gurbin takarda, saboda sau da yawa wayar tana hannun uba a kasuwa, mai zama da yaro da yamma kuwa uwa ce ko kaka.

10. Yadda za ka gane ko ta isa

Bayan kwana uku ka ƙirga yankunan da aka dawo da su. Sa hannu kaɗai ba hujja ba ne, yara kan sa da kansu. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne littafin a mako na huɗu. In ka ga 'yan alamomi a gefen zane, ana tambayar yaron a gida. In zanen ya yi kyau fiye da kima, da inuwa da kala, amma yaron ya kasa bin sa da yatsa a gabanka, wani ne ya zana masa, sai ka sa ya sake a aji ba tare da ka kunyata shi ba. In shafin fari ne, ka tambaye shi a keɓe ko kaya ne babu ko hana shi aka yi. Na farko aro ke maganinsa. Na biyu kuwa kada ka sake aika takarda, ka nemi ganin mahaifin da zanen a hannunka, tare da shugaban makaranta in da hali.

Wuraren da iyaye suka sa alama ka tattara su. In yara ashirin sun tsaya a wuri ɗaya, misali tsakanin tumbi da ƙaramin hanji, wannan gaɓar za ka sake koyarwa kafin a shiga zanen zagayen ruwa a mako na shida.